Wace hanya ta fi kama ƙaryar manhajar hira kan gyaran bidiyo?

Manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira rubutu take fitarwa. Idan ba a haɗa ta da wurin gudanar da umarni ba, ba ta da hannun taɓa fayil, amma hakan ba ya hana ta cewa ta gama gyara. A ce bidiyonka daƙiƙa 95 ne, ka nemi a yanke 20 na farko. Abin da ya kamata ya dawo maka shi ne daƙiƙa 75.

Kallo da ido yana kama babbar ƙarya kawai. Duba girman fayil kuwa ba na ba shi muhimmanci, domin matse bidiyo kaɗai yana rage girma ba tare da an yanke komai ba. MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil ɗin bidiyo, ba laifi ga wanda ba ya son rubuta umarni.

Ni dai ffprobe nake zaɓa, wato umarnin da ke karanto bayanan bidiyo. Kyauta ne, yana zuwa tare da manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg, kuma cikin fayil ɗin yake karantawa, ba ruwansa da sunan da aka liƙa masa:

```
ffprobe -v error -show_entries format=duration:stream=width,height sabo.mp4
```

Ka gudanar da shi a kan tsohon fayil, sannan a kan sabon. In duka biyun suka nuna 95, ba a yanke komai ba. In ka ga 76 ko 77, kada ka yi saurin zargi. Yankan da aka yi da zaɓin `-c copy` na FFmpeg, wato ba tare da sake matse bidiyon ba, yakan fara daga firam mai ɗauke da cikakken hoto da ke kusa, don haka 'yan daƙiƙu kan ƙaru. Faɗi da tsayin da umarnin ya nuna su ne za su gaya maka ko an rage girman hoton, in ka nemi hakan.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne fayil ɗin da aka sauya wa suna kawai aka mayar wa mutum. Maganinsa `sha256sum` ne, ko `certutil -hashfile sabo.mp4 SHA256` a Windows. Kowannensu yana fitar da wata lamba da ke wakiltar abin da ke cikin fayil. Lambar ta zo ɗaya a fayilolin biyu? To kayanka aka dawo maka da shi cikin sabuwar riga. Sai dai bambancin lamba ba shaidar gyara ba ce, ko sake ƙunshe bidiyon a sabon fayil yana sauya ta.

Ka kuma yi hattara da linkin da ba ya sauke komai, da alkawarin "ana kan aiki, a dawo anjima" da babu alamar wani aiki a bayansa, da kuma dogon bayanin matakan gyara ba tare da fayil ba. Kada ka sake tambayar manhajar ko ta tabbata, domin tana iya ƙara tabbatar maka da ƙaryar. Ka nemi ainihin umarnin da ta gudanar da sakamakonsa, kuma ko shi tana iya ƙirƙirarsa, saboda haka kada ka goge tsohon bidiyon sai ffprobe ya nuna maka 75 ko kusa da haka a kwamfutarka.