Wace hanya za ka ɗauka wajen neman ninki mafi girma a jeri?

A ajin yamma da nake koyar da rubuta manhaja a Gusau, akwai tambayar da ba ta wuce ni duk zango: an ba ka jerin lambobi, ka nemo yankin da lambobinsa ke manne da juna, wanda in ka ninka su zai ba da sakamako mafi girma. Ita ce ta 152 a LeetCode, shafin intanet na atisayen rubuta manhaja. Hanyoyi huɗu ɗalibai ke kawo mini, kuma kafin ka ɗauki ɗaya, gara ka ɗora su duka a kan ma'auni guda. Ga nawa: `[3, -2, 4, -5, 0, 6, -1]`. Amsarsa 120 ce, daga lambobi huɗun farko.

Ta farko ita ce ka gwada kowane yanki. Ba ta kuskure, amma tsadarta lokaci ne: jeri mai lamba 20,000 yana da yankuna sama da miliyan 200. Ajiye ta don duba amsar sauran a kan ƙananan jeri.

Ta biyu na fi gargaɗi a kanta, don tana da kyan gani. Ɗalibi ya koyi dabarar Kadane ta neman jimla mafi girma, sai ya cire tarawa ya sa ninkawa, yana riƙe da babba kaɗai. A jerinmu 6 za ta ba ka. Da ta iso kan -2 sai ta yar da -6 don ya yi ƙasa, alhali wannan -6 ne zai zama -24, ya haɗu da -5 ya koma 120. A ninki, lamba mai alamar debewa tana kifar da komai: na ƙasa ya hau sama, na sama ya faɗo.

Shi ya sa ta uku ke riƙe biyu a kowane mataki, mafi girma da mafi ƙanƙanta cikin yankunan da suka ƙare a wurin. A nan `a` shi ne jerin:

```python
babba = karami = amsa = a[0]
for x in a[1:]:
    z = (x, babba * x, karami * x)
    babba, karami = max(z), min(z)
    amsa = max(amsa, babba)
```

Bi ta da biro. A kan -2, babba -2 ne, ƙarami -6. A kan 4, babba 4, ƙarami -24. A kan -5 sai ƙaramin ya haifi 120. Sifili ya share duka biyun, 6 kuma ta fara sabon yanki da kanta tunda `x` na cikin 'yan takara uku. Ba ka buƙatar wani sharaɗi na musamman don sifili. Zagaye ɗaya ne, ma'ajiya uku.

Inda ake tuntuɓe shi ne sabunta `babba` tukuna, sannan a yi amfani da sabon wajen lissafa `karami`. Wata ɗaliba ta miƙo mini kwamfutarta ta ce, "Malam, ai ta ba da 120, ina matsalar?" Na ce ta goge daga sifili zuwa 6, ta bar `[3, -2, 4, -5, -1]`. Sai ga 600 a allo. Ko ka cire alamun duka ka ninka lambobin nan, ba za su wuce 120 ba, ka ga an ninka -5 sau biyu ke nan. Sifilin ne ya rufa wa kuskuren asiri da farko. Haka kuma kada ka fara `amsa` da 0: jerin `[-3]` amsarsa -3 ce.

Ta huɗu tana da farin jini: ka ninka daga hagu zuwa dama, ka sake daga dama zuwa hagu, kana komawa 1 bayan kowane sifili, ka ɗauki mafi girman da ka gani. Tana aiki muddin lambobin cikakku ne, don a lokacin yankin da ya fi kyau dole ya taɓa bakin jeri ko gefen sifili. Amma ba ta `[0.5, 4, 0.5]` ka gani: 2 za ta ce, alhali amsar 4 ce. Ta uku ba ta faɗa wannan rami.

Don haka in jarrabawa ce ko gwajin neman aiki da aka ce lambobi cikakku ne, ta huɗu ta wadatar. In kuwa ɓarin lamba zai iya shigowa, kamar ninkin hawa da saukar farashin gero mako-mako, ta uku nake ba kowa shawara. Sai dai ka duba yaren da kake rubutu da shi: a Java, ninka 2 sau 31 ya fi ƙarfin `int`, sau 63 ya fi ƙarfin `long`, kuma ba za ta faɗa maka ba, sai dai ka ga amsa ta fito da alamar debewa. Python ba ta da wannan iyaka a cikakkun lambobi.