Miliyan 7.2 ko miliyan 6: wanne ya fi cika aljihu a ƙarshen wata?

"Salam 'yan'uwa. Kamfanoni biyu sun ba ni aiki a Kano. Na farko naira miliyan 7.2 a shekara, na biyu miliyan 6. Amma da na tambayi abin da zai riƙa shigowa asusuna duk wata, na farko suka ce kusan 363,000, na biyu 414,000. Haraji ne ya cinye ko me? Ga takardun nan na ɗora. Ina biyan hayar miliyan 1 a shekara."

Wa alaikumus salam, Malam. Na duba takardun biyu, kuma haraji ba shi da laifi a nan. Hasali ma a kamfani na biyu ne za a fi cire maka haraji duk wata. Abin da ya faru shi ne ba da mudu ɗaya aka auna tayin biyu ba.

Kamfani na biyu sun rubuta maka kuɗin da za su biya ka ne kawai: miliyan 6 a raba gida 12, wato 500,000 duk wata. Kason da su za su zuba maka a fansho da kuɗin inshorar lafiyarka suna nan, amma ba su saka su cikin wannan adadi ba. Na farko kuwa abin da kamfani zai kashe a kanka gaba ɗaya suka tara, shi ya sa ka ga an rubuta CTC a saman takardar. A cikin miliyan 7.2 ɗin akwai 480,000 na kason fanshon da kamfani ke zubawa, akwai 200,000 na inshorar lafiya, akwai 400,000 na albashin wata na 13 da sai Disamba, sannan ga bonas 720,000 da aka ɗaura a kan cika burin aiki. Idan ka cire waɗannan huɗu, saura miliyan 5.4, wato 450,000 a wata. Tun ba a taɓa ka da haraji ba, mai ƙaramin tayi ya riga ya wuce da 50,000.

Sai fansho, inda mutane da yawa ba sa lura. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aiki ya ba da kashi 10. Amma galibin kamfanoni ba a kan duk albashi suke lissafawa ba, a kan abu uku ne: gundarin albashi, alawus na gida, da na sufuri. A takardar farko waɗannan ukun sun kai 400,000 a wata, don haka za a cire maka 32,000. A ta biyu 250,000 ne kacal, ragowar an watsa shi cikin alawus na abinci da sutura da waya, sai cirewar ta tsaya a 20,000.

Yanzu haraji. Ƙarƙashin sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, wato 330,000. Miliyan 9 da ke biye da su kashi 18. Kafin a lissafa ana cire fanshonka, ana kuma cire kashi 20 na hayar da kake biya, amma abin da za a cire ɗin ba ya wuce 500,000. Naka 200,000 ne, amma fa sai ka kai wa ofishin albashi shaidar hayar, ba sa sakawa haka kawai.

A kamfani na biyu, miliyan 6 a cire fansho 240,000 da rangwamen haya 200,000, saura 5,560,000. Miliyan 3 na farko harajinsu 330,000, ragowar 2,560,000 a kashi 18 ya ba da 460,800. Jimilla 790,800 a shekara, 65,900 a wata a layin PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi. Alat ɗinka 414,100. A na farko, miliyan 5.4 a cire 384,000 da 200,000, saura 4,816,000. Harajin 656,880 ne, 54,740 a wata, alat 363,260. Bambancin 50,840 duk wata, alhali harajin na farkon ya fi sauƙi da sama da dubu goma sha ɗaya.

Na ga wani cikin masu ba ka amsa ya ce ƙarin albashi na jefa mutum wani matakin haraji sai ya koma baya. Wannan magana ta daɗe tana yawo a majalisu, amma ba haka lissafin yake ba. Sabon kaso a kan abin da ya haura iyaka kaɗai yake hawa. Wanda kuɗinsa mai haraji ya wuce miliyan 12 da dubu ɗari, kashi 21 a kan dubu ɗarin nan kawai zai biya: 21,000 maimakon 18,000, ya riƙe 79,000. Tayin biyun nan ma duk a matakin kashi 18 suke.

To shin na farkon asara ne? Sai a duba shekara sukutum. Albashin wata na 13 zai zo maka 328,000 bayan haraji. Haɗa shi da alat 12, ka samu 4,687,120. Na biyu zai ba ka 4,969,200. Ke nan idan bonas bai fito ba ka yi ƙasa da 282,080. Idan ya fito cif, 590,400 zai shigo hannunka, ka wuce na biyu da 308,320. Wurin da suke yin kunnen doki shi ne bonas na 344,000, kusan rabin abin da aka yi alkawari. Don haka duk cinikin ya rataya a kan wannan bonas ɗin, kuma a takardarka an ce kamfani ne ke da ikon yanke nawa za a bayar. Ni na taɓa zama a wani wuri da aka rubuta mana irin wannan, shekara biyu a jere aka ce kasuwa ba ta yi kyau ba, ko sisi ba mu gani ba. Tun daga nan na daina saka bonas a lissafin cefane.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a alat. Na farko zai riƙa tara maka 864,000 a asusun fansho duk shekara, naka da na kamfani, na biyu 540,000. Ƙarin 324,000 ɗin nan kuɗinka ne halak malak, sai dai a kulle yake. Galibi ba ka taɓa shi sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50, in ba ka rasa aiki ka yi wata huɗu a zaune ba, nan ma kashi 25 za a ba ka. Mai gidan haya da makarantar yara ba za su jira wannan ba.

Da ni ne, da zan koma wurin na farko da tambayoyi kafin in sa hannu. Nawa aka biya ma'aikata masu matakinka na bonas bara da bara waccan? Wanda bai cika shekara ba, ana ba shi albashin wata na 13 cikakke ko gwargwadon watannin da ya yi? Sannan ka roƙi duka biyun su ba ka samfurin takardar albashin wata ɗaya, ka duba ko akwai wata cirewa da ba a ambata ba, kamar ta asusun gidaje na ƙasa ko kuɗin ƙungiya, domin ban saka su a lissafina ba. Idan na farko suka yarda su mayar da ko da 344,000 na bonas ɗin cikin albashin wata, ka yi daidai da na biyu a hannu a lissafin shekara, ga ƙarin fansho a gefe. Idan suka ƙi, kuma hayarka ta kusa ƙarewa, ni dai na biyun zan ɗauka.