Kafin ka sayi ekstenshan, duba wayarsa

Yawancinmu idan muka shiga shagon kayan wuta, ramuka muke ƙirgawa: wannan huɗu, wancan shida, sai mu ɗauki mai shida. Alhali ko ramuka goma gare shi, duk wutar ta waya ɗaya da filogi ɗaya take bi. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Najeriya iyakarsa amfiya 13, wanda a wutarmu mai bolt 230 ya kama wat 3,000 ko ƙasa da haka kaɗan.

Mu ɗauki ɗakin amarya. Talabijin, fanka da cajar waya biyu, duka ba su kai wat 300 ba. Sai amaryar ta jona butar lantarki mai wat 2,000, ta ƙara dutsen guga mai 1,200. Lissafi ya tashi kusan 3,500, an haye iyaka, duk da kowanne ya samu raminsa.

A nan ne bambancin kayan yake fitowa. Mai arahar nan mara nauyi, mai fitilu kala-kala, sau da yawa wayarsa siririya ce, wani lokaci ma alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, filoginsa kuma babu fis. Idan kaya suka yi masa yawa ba ya yankewa, sai dai ya yi ta ɗumi a bayan labule ko ƙarƙashin kafet har roba ta narke. Ni dai ko kyauta aka ba ni ba na kai shi gida.

Mai kyau yana da nauyi a hannu. Nemi wanda aka rubuta 13A da BS 1363 a filoginsa, a jikin wayar kuma kaurinta ya kai milimita sukwaya 1.25 ko 1.5. Da yake rubutu ma ana yin na jabu, ka ce mai shago ya buɗe filogin ka ga fis da idonka, ka ga wayoyi uku a ɗaure. Gwada cusa filogi a ramin: idan yana rawa, bar shi, domin sako-sakon haɗi shi ke haifar da tartsatsi.

Mai naɗewa a kan gargare yana da amfani a tsakar gida, amma a warware shi duka kafin a jona abu mai jan wuta, don waya a naɗe tana tara zafi.

Hita, dutsen guga, buta da risho na lantarki kuwa, kowanne soket ɗin bango ya dace da shi. Idan babu, gara a kira mai gyaran wuta ya ƙara ɗaya. Kada a jona ekstenshan a jikin wani, kuma da an ɗauke wuta a zare masu zafin nan, saboda tana iya dawowa kowa na barci. Idan ka taɓa filogi ka ji zafi, ko ka ga bakin rami ya yi baƙi, ko ka ji ƙaurin roba, kashe daga bango ka zare shi, a sauya a ranar.