Tafiyar mako biyu ƙasa mai zafi da danshi da jakar hannu ɗaya: wane yadi za ka saya?

Kafin ka sayi komai, duba nauyin da jirginka ya yarda a shiga da shi. Kamfanoni da yawa kilo 7 suke tsayawa. Akwati mai taya, ko tsinke ba ka sa masa ba, yakan ci kusan kilo 3, ita kuwa jakar goyo mai lita 40 ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. In bayanka lafiya lau, ɗauki ta goyo.

Kayan kwana 14 ba za su shiga ba, don haka na kwana huɗu ko biyar za ka ɗauka, kana wanki. To a nan yadi yake raba gardama, domin inda iska ta cika da danshi, shanya ba ta bushewa yadda ka saba.

Auduga ta fi daɗi a jiki, amma tana shan gumi ta riƙe. Ka wanke riga mai kauri da dare, da safe ka taɓa wuyanta da hammata ka ji sanyi-sanyi. Ka cusa ta jaka a haka, kwana biyu sai warin funfuna ya kama sauran kaya. Wandon jins ya fi muni: nauyi ya wuce rabin kilo, ga shi yakan kwana ya wuni bai bushe ba. Bar shi gida.

Yadin roba irin na 'yan ƙwallo yana bushewa cikin sa'o'i kaɗan, sai dai wuni ɗaya ya isa ya fara tsami, dole kullum a wanke shi. Lilin yana barin iska ta ratsa, ba ya manne wa fata, kuma ya fi auduga saurin bushewa. Aibinsa yamutsewa, wadda ni dai ban ɗauke ta a bakin komai ba. Wajen saye, ɗaga rigar ka duba ta a haske: in haske yana ɗan ratsa saƙar, iska ma za ta ratsa.

Da ni ne, rigunan lilin uku, ta roba ɗaya don ranar yawo, wando biyu marasa nauyi, kamfai biyar masu saurin bushewa, safa uku, silifas a jaka, kambas a ƙafa. Mai dogon hannu ɗaya saboda sauro da sanyin jirgi. Lema ƙarama ta fi rigar ruwa, wadda za ta dafa ka a cikin guminka.

Sabulun wanki kuwa sayi na dunƙule, tunda a yawancin filayen jirgi abu mai ruwa ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba. In ka wanke riga, shimfiɗa ta kan busasshen tawul, naɗe su tare kamar tabarma, taka da ƙafa, sannan ka rataye ta gaban fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Kada ka shanya a banɗaki, nan ne danshi ya fi yawa.