Tayoyi uku a hoto: wacce za ka biya wa kuɗi?

Yanzu yawancin cinikin taya a waya ake fara shi. Mai shago ya turo hoto, ka ga taya baƙa wuluk tana ƙyalli, ya ce maka sabuwa ce fil ko kuma "Beljiyom ce mai kyau". Ƙyallin nan mai ne aka shafa, ba ya gaya maka komai. Abin da za ka yi hukunci da shi shi ne rubutun da aka zuba a gefen tayar tun daga masana'anta.

Kafin a zo ga karatu, sai hoton ya karantu. Ka ce a goge gefen tayar da tsumma, a ɗauka a waje da hasken rana, hasken yana zuwa daga gefe don haruffan su yi inuwa. Fitilar waya kai tsaye tana shafe su, domin baƙi ne a kan baƙi. Kowace taya tana bukatar hoton gefenta gaba ɗaya, da na kusa a kan lambar girma, da na kusa a kan layin da ya fara da DOT. Idan huɗu za ka saya, kowacce da nata, domin ana iya ɗaukar mai kyau ɗaya a bar sauran a bayan shago.

A ce motarka Toyota Corolla ce, takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ta nuna 195/65R15 91H, kuma muna cikin shekarar 2025. An turo maka taya uku. Ta farko ta sanannen kamfani ce, an yi amfani da ita, tana ɗauke da 195/65R15 91T, layin DOT ya ƙare da 4216. Ta biyu sabuwa ce, sunan kamfanin bai shahara ba, an rubuta Made in China, 195/65R15 91H, ƙarshen layin 1824. Ta uku ma sabuwa ce ta sanannen kamfani, 195/60R15 88H, ƙarshen layin 3523.

Suna shi ido ke fara kamawa, amma shi ne mai ƙarancin nauyi a hukunci. Manyan haruffa su ne kamfani, kamar Michelin ko Bridgestone ko Dunlop. Sunan da ke ɗaya ɓangaren, kamar Primacy ko Turanza, samfurin zane ne. Ka duba harafi bayan harafi, domin akwai sunayen da aka ƙirƙira don su yi kama da manya idan an hango daga nesa. Ka kuma tabbatar tayoyi biyun da za su zauna a gaba, ko a baya, samfurinsu ɗaya ne.

A kan girma kuwa babu sassauci. 195 faɗin taya ne a milimita. 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, wato kusan milimita 127. 15 girman rim ne a inci. Taya ta uku za ta hau rim ɗinka lafiya lau, shi ya sa mai faci zai iya ce maka ai duk ɗaya ne. Amma gefenta milimita 117 ne. Motar za ta sauko ƙasa da kusan santimita ɗaya, rim zai fi shan dukan rami, agogon gudu kuma zai riƙa nuna 100 alhali kana kan 97. Babbar matsalar ma tana cikin 88 ɗin nan. Lambar nauyi ce: 91 na ɗaukar kilo 615, 88 kuwa kilo 560. Ragin kilo 55 a kowace ƙafa, kilo 220 ke nan a mota, fiye da buhu huɗu masu kilo 50. Ga wanda ke cika mota da iyali da kaya ya hau doguwar hanya, wannan kaɗai ya isa a ajiye ta uku, komai girman sunanta.

Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Ba wai za ka yi wannan gudun ba, amma kada ka sauka ƙasa da abin da mai ƙera mota ya rubuta, domin harafin yana tafiya da yadda tayar ke jure zafi.

Sai shekaru, inda aka fi yin kuskure. Bi layin DOT har ƙarshensa, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya, galibi a cikin ɗan zagaye mai tsawo. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 4216 mako na 42 ne na 2016, tsakiyar Oktoba ke nan, tayar ta doshi shekara tara. 1824 kuwa wajen ƙarshen Afrilu ne na 2024. Idan layin ya tsaya babu lambobin nan huɗu, yawanci gefe ɗaya ne ke ɗauke da cikakken layin, sai a juya tayar a sake ɗauka. Kada ka ɗauki lambobin da ke kusa da alamar E4 ko E2 a matsayin shekara, lambar izinin Turai ce. Lamba uku kacal na nufin an ƙera tayar kafin 2000. Mako da ya wuce 53 kuma babu shi a shekara, ko dai hoton bai fito ba, ko an taɓa wurin. Ka ƙara girman hoton ka duba cikin zagayen: idan ya fi kewayensa santsi, ko akwai alamar kankara, ko lambobin sun karkace, ka bar ta.

Me ya sa ake tsananta wa shekaru haka? Roba tana bushewa ko ana tafiya da ita ko tana ajiye, zafi kuma yana hanzarta hakan. Zane na iya zama da zurfinsa alhali abin da ke riƙe da wayoyin ƙarfen ciki ya saki. Irin wannan ce ke kumbura ko ta ɓare a kan kwalta mai zafi lokacin bazara. Kamfanonin mota da dama suna cewa a sauya a shekara shida, masu ƙera taya sun sa goma a matsayin iyaka ta ƙarshe, hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya kuwa shekara huɗu take faɗa. Ta kowane ma'auni, taya ta farko ta riga ta cinye rayuwarta ko tana bakin ƙarshe.

Akwai wani abu da ake yawan samu a jikin 'yan Beljiyom: hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a tsakiyarsa. Galibi tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce don sanyi. A zafinmu tana suɗewa da wuri, birki kuma ba ya kamawa yadda ya kamata. Zanenta mai yawan ƙananan tsaga shi ke sa ta burge mai saye a hoto.

Cikin ukun, ta biyu ce zaɓi, da sharaɗi. Ka nemi hoton wurin da aka rubuta TEMPERATURE, idan akwai shi. A ya fi jure zafi, B na biye, C ne mafi ƙasa, kuma a yanayinmu A ko B ya kamata ka nema. Idan mai shago zai samo maka sanannen kamfani a daidai 195/65R15 91H wadda ba ta wuce shekara biyu ba, kuma aljihunka zai ɗauka, ta fi. Sabuwar da ta yi shekara huɗu a sito kuwa, ko takardarta na manne, ba a biyanta kuɗin sabuwa.

Hoto ba ya nuna cikin taya. Ranar karɓa, kafin a ɗora ta a rim, ka duba ko lambar makon ta yi daidai da ta hoton, ka zura hannu ciki ka laluba ko akwai faci, sannan ka duba bakin da ke kama rim. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya cikin taya don rage wuri a kwantena, bakin sai ya lanƙwashe ko ya tsage, kuma irin wannan ba ta riƙe iska.