Shago biyu, gobara ɗaya: yadda za ka rubuta wa mai sayen inshora bayanin raba asara

"Ina wakilcin kamfanin inshora a Gombe. Wani Alhaji ya ce miliyan 25 kawai zai sa wa shagonsa, tunda wuta ba ta cika cinye gini duka ba. Yaya zan rubuta masa ya gane?"

Malam, kada ka fara da dogon bayani. Jera masa shago biyu iri ɗaya a takarda, kowanne sake gina shi yau zai ci naira miliyan 40. Na farko an yi masa inshorar miliyan 40, na biyu miliyan 25, wato kuɗin da aka kashe lokacin gina shi. Gobara ta ci rufi da wayoyin lantarki, ɓarnar miliyan 12 a kowanne.

Mai shagon farko za a biya shi 12 ɗinsa. Na biyu zai zaci shi ma haka ne, tunda 12 ba ta kai 25 ba. A nan sharaɗin raba asara yake shigowa, wanda ma'aikatan inshora ke kira abarej. Kamfani na ɗaukar cewa ya karɓi nauyin 25 ne cikin 40, sauran 15 mai shago ya riƙe a wuyansa, don haka kowace ɓarna, komai ƙanƙantarta, a kan wannan kason za a raba ta:

25 ÷ 40 × 12,000,000 = 7,500,000

Miliyan 4.5 daga aljihunsa ke nan, kuma ba a ma cire ɗan kason farko na asara da takardar inshora ta ɗora masa ba. In shagon ya ƙone ƙurmus, 25 zai karɓa, ginin na neman 40.

Sa masa kuɗin inshorar da ake biya duk shekara a gefe. A misali, in ana karɓar naira 2,500 kan kowace miliyan, na farko ya biya 100,000, na biyu 62,500. Rarar 37,500 ce ta jawo giɓin miliyan 4.5. Wannan layin ya fi komai shiga kai.

Abin da ke rikita mutane shi ne 40 ɗin. Ba farashin da dillali zai sayar da shagon ba ne, don fili ba ya ƙonewa. Kuɗin siminti ne da rodi da katako da kwano da leburori, har kwashe ɓaraguzai da ladan injiniya in an sa su a takardar inshorar. Kuma mai tantance ɓarna farashin lokacin asarar zai duba, ba na ranar sa hannu ba. Wanda bai taɓa adadinsa ba tun kafin faɗuwar naira a 2023, da alama adadinsa bai kai kuɗin sake gini ba. Ƙarawa fiye da kima ma ba ta da amfani, in ya sa 60 ɓarnar kawai za a biya.

A ƙasan takardar rubuta adadin da mai ƙiyasin gini ya fitar, da wanda Alhaji ya zaɓa, da kwanan wata, ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.