Fitar da jerin sunaye ba maimaici a Excel: wace hanya za ka ɗauka?

A ce ginshiƙin A na ɗauke da sunayen kayan da aka sayar, daga A2 zuwa A500, Biro da Littafi da Takarda suna ta maimaituwa, kai kuma kowanne sau ɗaya kake so, a jere bisa haruffa. Remove Duplicates goge layuka yake yi, don haka ba na kusantarsa da ainihin bayanai. PivotTable ba laifi, amma sai ka tuna ka danna Refresh duk lokacin da aka ƙara kaya.

Ni dai wannan nake zaɓa, a rubuta a D2:

```
=SORT(UNIQUE(A2:A500))
```

UNIQUE na tsamo kowane suna sau ɗaya, SORT ya jera su. A gida ɗaya ka rubuta, amma amsar za ta zubo ƙasa da kanta, ba ta taɓa ginshiƙin A ba. Ka ƙara sabon kaya a cikin wannan iyakar, nan take zai shiga mazauninsa. In wani abu ya tare gidajen da ke ƙasa, za ka ga `#SPILL!`, sai ka share musu hanya. Sharaɗinsa Microsoft 365 ko Excel 2021 zuwa sama. A Excel 2019 da 2016 babu shi, `#NAME?` za ka samu. Saboda haka kafin ka biya kuɗin Office, gwada fomular a gaban mai sayarwa, kada ka tsaya ga sunan da ya faɗa maka.

Abin da ya fi damuna shi ne sunayen jabu. An taɓa turo min fayil, Biro ya fito sau biyu a jerin, a ido iri ɗaya sak, lissafinsa ya rabu gida biyu. Ashe ɗayan na da tazara a ƙarshe. Fomular ba ta yi kuskure ba, a wurinta sunaye biyu ne daban. Yadda ake gane su: `=LEN(D2)` zai ba da 4, na ƙasansa ya ba da 5. Gidajen da babu komai kuwa sifili suke haifarwa a jerin. Maganin duka biyun:

```
=SORT(UNIQUE(FILTER(TRIM(A2:A500),TRIM(A2:A500)<>"")))
```

TRIM na yanke tazarar gefe, FILTER ya watsar da gidajen wofi. Amma fa akwai wata tazarar mai taurin kai da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, TRIM ba ya ganinta. In har LEN na nuna 5 bayan gyara, ita ce. Sai ka sa `SUBSTITUTE(A2:A500,UNICHAR(160)," ")` a cikin kowane TRIM, a madadin `A2:A500`. Kuskuren rubutu irin Litafi da Littafi kuwa, wannan fomular ba za ta haɗa su ba. Jerin da SORT ya yi ne zai ajiye su kusa da juna ka gani, ka koma ginshiƙin A ka gyara da hannu.